Shadda ba satin ba ce

"Maigida, na goge rigar da ke jikin mutumin a hoto, na rubuta wa manhajar AI mai ƙirƙirar hoto ta sa masa babbar riga ta farar shadda mai ƙyalli. Sai ta fito kamar an naɗe shi da leda. Me zan ƙara?"

Ragewa za ka fara yi, yaro. Kalmar `shiny` da ka sa ita ta kashe maka aikin. Da yawa daga cikin hotunan da manhajar ta koya da wannan kalma na satin ne da siliki da roba, don haka da ta gan ta sai ta zubo maka yadi mai santsi mai malala, haske na gudu a kansa daga kafaɗa har ƙafa. Shadda kuwa auduga ce mai kauri da tauri. Ƙyallinta daga matsi da guga yake zuwa, ko daga bugu a kan gungume bayan an sa sitati. Tana karyewa ne idan an lanƙwasa ta, ninkinta mai kaifi, kuma hasken yana tsayawa a bayan ninkin da ke fuskantar fitila, cikin ninkin ya zauna duhu. Ku yaran yanzu kullum kuna sa ta ranar Juma'a, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalle ta.

Sai saƙar. Furen shadda ba bugawa aka yi ba kamar na atamfa, a cikin saƙa yake, launinsa ɗaya da jikin yadin. Ana ganinsa ne don zaren furen da na ƙasan ba hanya ɗaya suka kwanta ba, wani ya kama haske, wani bai kama ba. In ka rubuta fure kawai, za ta zana maka shi da launi dabam, shadda ta koma labule. Kalmar shadda ma kada ka dogara da ita, sunan da ya fi kama ta shi ne na kasuwar duniya. Bayan sunan rigar, rubuta haka:

```
white bazin riche, stiff starched cotton damask, tone-on-tone jacquard pattern, crisp angular folds, polished sheen on fold ridges only, window light from left
```

A gurbin abin da ba ka so ka sa `satin, silk, latex, wet look`. Ka lura da jerin: sunan yadi, tauri, irin zare, saƙa, ninki, sannan ƙyalli, sannan inda haske ya fito. Na ƙarshen nan ka duba fuskar mutumin ka gani. In hasken fuska daga hagu yake, riga kuma tana walƙiya ta dama, ko makaho ya san haɗi ne. Maganar yadda za ka shafe wurin da faɗi don hannun babbar riga ya samu wurin zuba, wannan ba sai na koya maka ba.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan, wani mai shagon yadi ne a Kantin Kwari. Ya kawo aikin hotunan talla na kayan Sallah, shadda da atamfa da leshi, ya ba da rabin kuɗi. Aka zauna aka bi kowane yadi da bayaninsa. Atamfa aka rubuta ta auduga mai sassauƙar saƙa, marar ƙyalli, zanenta na bin ninki yana yankewa a wurin ɗinki. Leshi aka ce a ga ramukansa da tudun zaren ado da shafin da ke ƙarƙashi. Ya zo ya gani, ya yatsine fuska, wai kayansa ba su "tashi" ba, a ƙara musu walƙiya, har atamfar. Na ce masa Alhaji, atamfa mai walƙiya ai ta roba ce, matan da za su saya sun fi ni da kai sani. Ya nace. Aka yi masa kashi na biyu yadda yake so, na aika duka biyun ya zaɓa, ba tambarin shagonmu a kai saboda ina ganin girmansa. Shiru. Da na nemi cikon kuɗi, sai ya ce shaddar ta fito kamar leda, ba zai biya aikin banza ba. Ledar da shi ya ce a yi! Ana sauran kwanaki Sallah sai ga hotunan kashi na farko, waɗanda ya raina, a tallarsa ta waya. Har yau ban ga sisi ba, kuma in mun haɗu shi ke fara gaishe ni.

To, kafin ka nuna min wani hoto, ka faɗaɗa shi ka duba wuri uku. Gwiwar hannu: in ninki ya yi laushi ya zagaye, taurin bai kama ba, ka matsar da `stiff` zuwa farkon bayanin. Ƙirji: in furen ya yi girman tafin hannu a nan, ya koma ɗigo a ƙasa, sake. Sannan aikin wuya, wanda dole zarensa ya yi tudu ya jefa 'yar inuwa a kan yadin. Kuma ka je ka ɗauko ƙyallen shaddar da ke cikin durowa, ka ajiye shi gefen allo kana aiki.