Sanarwar allo zuwa kalandar waya

Tambaya daga zauren: "Salam Yaya, ga hoton sanarwar da aka manna a allonmu. Abu uku ne a takarda ɗaya, rajista, lakca da walima. Yaya zan zuba su a kalandar wayata kada wani ya wuce ni?"

Amsar da ya turo da murya:

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga hoton. To, kada ka buɗe kalanda tukuna, ɗauko biro da takarda. Kowane taro ka ba shi layinsa, ka rubuta ranar mako, kwanan wata, lokaci da wuri. Daga takardar za ka kwafa zuwa waya, don a nan ne za ka kama kuskure tun bai shiga ba.

Mu fara da lakcar. An rubuta Thursday 11/06/2026, ƙarfe goma na safe, a Kongo da ke Zariya. Mu a nan rana muke fara rubutawa sannan wata, wato 11 ga Yuni ke nan. Amma wayar da aka saita da Turancin Amurka wata take sawa a gaba, idan ba ka lura ba sai ka tsinci lakcarka a 6 ga Nuwamba. Ranar mako ce shaidarka. 11 ga Yuni na bana Alhamis ce, 6 ga Nuwamba kuwa Juma'a, ka ga takardar ta raba gardama da kanta. Haka kuma ake gane tsohuwar sanarwa da aka manta ba a ɓare ba, domin bara 11 ga Yuni Laraba ce. Duk inda ranar mako da kwanan wata suka saɓa, kada ka zaɓi ɗaya da ka, kira lambar da ke ƙasan takardar ka tambaya.

Tunda a Samaru kake, tunatarwar minti goma ba ta da amfani. Ka taɓa Add notification ka sa awa biyu, saboda jiran mota da cunkoson Kwangila, ka ƙara wata ta kwana ɗaya.

Sai rajista, nan fa nake so ka kasa kunne. Sun ce daga Litinin 8 zuwa Juma'a 12 ga Yuni. To 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya ce, hutun ƙasa ne tun 2019, da wuya ka samu ofis a buɗe. Mai buga takardar ya ƙirga Litinin zuwa Juma'a ne kawai. Ke nan ranarka ta ƙarshe Alhamis ce, ita kuma da safenta kana Kongo. Ka ga amfanin jera su wuri ɗaya? Saboda haka abu biyu za ka saka. Na farko ka kunna All-day ka ja shi daga 8 zuwa 11, ya zauna a saman kalanda kana ganinsa. Na biyu shi ne naka na gaskiya, Talata 9 ga wata ƙarfe tara na safe, ka rubuta "zuwa rajista", a ƙasa ka lissafa takardun da suka ce a zo da su. Idan layi ya yi tsawo ko na'urarsu ta tsaya, kana da Laraba a hannu. Wa'adin rufewa kawai idan ka saka, ranar da wayar za ta yi ƙara aikin gama ya gama.

Walimar kuma 5 ga Muharram 1448 aka rubuta, bayan La'asar. Wannan ba ta da tsayayyar rana sai an ga wata. Bisa lissafi za ta faɗo 20 ko 21 ga Yuni, Asabar ko Lahadi. Ka sa ta a Asabar da alamar tambaya a gaban sunan, ka kuma sa wa kanka tunatarwa wajen 16 ga wata ka saurari sanarwar fadar Sarkin Musulmi, sai ka gyara. Kada ka dogara da kalandar Hijira ta cikin waya, lissafi take bi, takan saɓa da ganin watanmu da kwana ɗaya. Bayan La'asar ɗin ka sa ƙarfe huɗu da rabi, ka tabbata PM ka taɓa ba AM ba. Af, idan wata rana ka ga an rubuta "daren Juma'a", Alhamis da daddare ake nufi, a Alhamis za ka saka.

Wurin maimaitawa ka bar shi a Does not repeat, in ba haka ba lakca ɗaya za ta riƙa tashinka duk Alhamis. Hoton ma kada ka goge, ka danna masa tauraro a nan zauren. Sannan Litinin ka sake bi ta gaban allon, don sau da yawa da biro ake gyara lokaci ko ɗakin taro a jikin takardar, hotonka kuwa ba zai nuna ba. In ka gama ka turo min hoton kalandar in duba maka.