Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: fim ɗin kyauta mai cin kuɗi

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Salam Malam, na shiga wani shafi in sauke fim ɗin Indiya fassarar Hausa, na ga Download har wuri huɗu, na danna babban kore. Abin ya sauka nan take amma ba ya buɗewa, sai dai ya ce in yi Install. Na yi, yanzu talla ke fitowa ko ina cikin kira, kuma caji ba ya kai la'asar. Wanne ne Download ɗin na gaskiya?

Wa'alaikumussalam. Ai ɗan'uwa tun daga inda waya ta ce maka Install ya kamata gabanka ya faɗi, yaushe aka fara girka fim? Fim kunna shi ake yi. Wannan tambayar kusan duk sati sai ta zo min, kuma kullum babban koren nan ake dannawa, kamar an yi muku asiri da shi.

Mai irin wannan shafin ba don Allah ya ajiye muku fim ba, kuɗinsa daga talla yake fitowa, ya yanka shafin ya ba masu talla haya, su kuma sun san abin da ya kawo ka, sai su zana tallarsu da siffar maɓallin saukewa. Shi ya sa na ƙaryar ya fi girma, ya fi kyau, wani ma har ƙiftawa yake, na gaskiyar kuwa sau da yawa ɗan rubutu ne a can ƙasa ba kwalliya. Idan ka ɗora yatsa a kan maɓalli ka riƙe ba ka saki ba, Chrome zai nuna maka adireshin da zai kai ka a saman ɗan akwatin da ya fito, a kwamfuta kuma ka ajiye kibiya a kai ka duba ƙasa ta hagu. In ka ga wani dogon suna daban da ba ya kama da shafin da kake ciki, bar shi. Wasu tallan ma akwai ɗan x ko alamar kusurwa uku a gefensu, wannan kai tsaye talla ce.

Amma ni gaskiya ban cika dogara da duba maɓalli ba, don wasu shafukan ko fili ka taɓa sai wani shafi ya buɗe. Abin da ba ya ƙarya shi ne fayil ɗin da ya sauko, ƙarshen sunansa da nauyinsa. Fim yana ƙarewa da .mp4 ko .mkv ko .avi, littafi .pdf ko .epub. Naka na tabbata .apk ne, wato manhajar Android, a kwamfuta kuma .exe za a ba ka. Sannan kai da kanka ka ce nan take ya sauka. Fim ɗin Indiya da ke cin awa biyu da rabi, ko an matse shi yaya sai ya kai megabait ɗari uku zuwa huɗu, mai ɗan haske ya doshi giga ɗaya, to da netwok ɗinmu ta ina zai sauka cikin ƙiftawar ido? Abu mai megabait 6 ko 10 ko waƙa ɗaya ta bidiyo bai kai ba.

Masu kwamfuta ku kun fi shiga uku, saboda Windows tana ɓoye ƙarshen sunan fayil tun daga kamfani. Sai a sa wa abu suna haka:

```
sabon_fim.mp4.exe
```

kai kuma sabon_fim.mp4 kawai za ka gani, har da hoton bidiyo a jikinsa. Duk kwamfutar da ta shigo hannuna abu na farko da nake yi shi ne in buɗe File Explorer in shiga View in kunna File name extensions, ko mai ita bai tambaya ba. Kwanaki wata ƙanwarmu ta kawo min tata da irin wannan fayil guda uku a jere, ta ce ta yi ta sake saukewa ne don na farkon ya ƙi kunnuwa.

Yanzu gyara. Kashe data, shiga Settings sannan Apps, ka bi jerin a hankali har ƙasa, ka nemi wadda ba ka san ta ba, wani lokacin ba ta da suna ko hoto, fili ne kawai fari. In ta ƙi goguwa to ka ba ta sarauta ne ba ka sani ba, je ka Device admin apps ka sauke ta tukuna, ka leƙa Accessibility ma ka kashe mata, domin da wannan izinin tana iya karanta abin da ke fuskar wayarka har ta danna abu da kanta. Idan akwai manhajar banki a wayar ka canza lambar sirri bayan ka goge ta, ba wasa nake ba. Sannan ka koma Install unknown apps ka rufe wa burauzarka ƙofa. In kana son kanka da arziki kuma ka sa Firefox ka ɗora mata uBlock Origin, da ita nake yawo, yawancin maɓallan ƙaryar nan ba sa ma fitowa.

Tambaya daga wani mai shagon buga takardu a Maraɗi: Na sauko da Photoshop na kyauta a zif mai lambar sirri 1234, sun ce sai na kashe antibairos kafin in buɗe. In kashe?

Mutum ya zo ƙofar gidanka da dare ya ce ka sallami maigadi tukuna, kana tambayata ko ka sallama? Lambar sirrin nan da suka rubuta kowa na gani, amfaninta ɗaya, ta hana antibairos leƙa cikin zif ɗin. E, wani lokacin antibairos yana kuka a kan kirak, wato manhajar kuɗi da aka fasa don a yi amfani da ita ba biya, ko ba komai a ciki, amma kai ba ka da hanyar bambancewa, kuma ta cikin kirak bairos ɗin STOP/Djvu ya fi yaɗuwa, wanda ke kulle fayilolin mutum gaba ɗaya ya bar masa takarda mai suna _readme.txt yana neman kuɗin fansa, a da dala 980 ne, ko 490 in an biya cikin awa 72. Ka tuna aikin kwastomomi nawa ke cikin kwamfutar shagon nan. Goge shi, ka gwada GIMP ko Photopea, su ma aikin gyaran hoto suke yi kamar Photoshop.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kumasi: Shafin yana da https da alamar kwaɗo, ba shi ke nan lafiya lau ba?

A'a Hajiya. Ma'anarsa wani a tsakani ba zai leƙa abin da ke wucewa tsakaninki da shafin ba, shi ke nan. Ɓarawo ma yana samun wannan kwaɗon kyauta.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Gusau: Ina neman littafin lissafi, shafin ya ce in sa lambar wayata su turo min lambar tabbatarwa kafin in sauke.

Kada ka sa, Malam. Ko dai rajistar wani abu za a yi maka a riƙa zarar katinka kullum, ko kuma lambar shiga WhatsApp ɗinka ce za ta zo ka miƙa musu da hannunka. Littattafan lissafi na kyauta tsakani da Allah akwai su a OpenStax, tsofaffi kuma a archive.org, ba wanda zai tambaye ka lambar waya. In wani fayil ya ba ka shakka ka ɗora shi a virustotal.com, antibairos kusan 70 za su duba shi lokaci guda, amma ban da takardun sirri, don abin da ka ɗora yana zama a wurinsu.

Tambaya daga Kano: Saƙo yana ta fitowa wai wayata tana da bairos 13, in danna in wanke.

Ba ta da ko ɗaya da wannan saƙon ya gano, Allow ka danna wa wani shafi. Chrome, Settings, Site settings, Notifications, ka toshe duk sunan da ba ka gane ba.