Me ya sa lissafin ods ke haura kashi 100?

Tambaya: Malam, na mayar da ods na wani wasan ƙwallo zuwa kashi cikin ɗari, na tara nasara da canjaras da rashin nasara, sai na samu 106 da ɗoriya. Ni na kuskure ne, ko kamfanin cacar ke yi mana ha'inci? Hankalina bai kwanta ba, don ƙanena kullum yana shagon nan, wai ƙananan ods yake haɗawa, ba sa faɗuwa.

Amsa: Lissafinka daidai ne, kwantar da hankalinka ta wannan ɓangaren. Ƙa'idar ita ce ka raba 100 da ods ɗin, wato lambar da ake ninka kuɗin da ka zuba da ita idan ka ci. A ce masu masaukin baƙi 2.00 ne, canjaras 3.20, baƙi kuma 4.00. Na farko zai ba ka kashi 50, na biyu 31.25, na uku 25. Jimilla 106.25. Tunda dole ɗaya cikin ukun nan ya faru, yiwuwarsu ta gaskiya ba za ta wuce 100 ba. Wannan rarar 6.25 ladan kamfani ce, an cusa ta cikin farashi tun kafin a busa usur.

Ga yadda take zama kuɗi. Mutane sun zuba naira 50,000 kan masu gida, 31,250 kan canjaras, 25,000 kan baƙi. Kamfani ya karɓi 106,250. Ninka kowanne da ods ɗinsa ka gani: ko wa ya ci, 100,000 cif zai biya. Saura 6,250 sun shige aljihunsa, wato kusan naira 6 a kowace 100 da aka zuba. Shi ya sa mai wayon saka kuɗi a duka ukun bisa wannan rabo asara yake yi tabbas. In kana son kimanta yiwuwar bayan an cire ladan, raba kowanne da 1.0625, ka samu 47, da 29.4, da 23.5. Kimantawa ce kawai, domin sau da yawa kamfanoni sun fi ɗora ladan kan manyan ods, ba daidai-wa-daida suke raba shi ba.

Yanzu maganar ƙanenka, wadda ta fi damuna. Wallahi na gaji da jin wannan magana ta "ƙananan ods ba sa faɗuwa". Ods 1.20 kashi 83 ne da ɗan kai. Ma'ana, ko da ka yarda da lissafin kamfanin kansa, sau ɗaya cikin shida abin zai ƙi. Wa ya ce maka wannan tabbas ne? To yaro ya ga ribar 1.20 ba ta taka kara ta karya ba, sai ya jera wasa goma a tikiti ɗaya, wanda sai duka goman sun ci za a biya shi. Da an ninka ods ɗin goman da juna ya hau 6.19, naira 1,000 za ta dawo 6,190, sai murna. Raba 100 da 6.19: kashi 16. Tikitin da yake rantsuwa a kansa sau biyar cikin shida zai tsinke, kuma wannan kafin a cire ladan kamfani ke nan.

Abin da ba sa ganewa shi ne ladan ma ninkuwa yake yi. Idan kowane wasa na ɗauke da rara irin ta misalinmu, naira 100 tana dawo da kusan 94 a matsakaici. Wasa biyu, 94 cikin ɗari na 94, wajen 89. Kafin ka kai wasa na goma ta koma wajen naira 55, yiwuwar cin tikitin kuma ta sauko kusan kashi 9. Kusan rabin kuɗinsa ya tafi tun a kan kanta. Kana tsammanin don ƙauna ake ƙara wa mai jera wasanni da yawa garaɓasa? Sun san inda romon yake.

Sai kuma ya dawo yana cizon yatsa, wai wasa ɗaya ne kawai ya ɓata masa. Ai haka lissafin ya tanada! A tikitin wasa goma irin wannan, faɗuwar wasa ɗaya ko biyu ita ce ta fi kowane sakamako yawan faruwa. Ba "saura ƙiris" ba ne, kuma ba rashin sa'a ba ne.

Su kuwa 'yan damfarar da ke sayar da "tabbatattun wasanni" a zaurukan Wasaf, ka tambayi ƙanen naka: wanda ya san sakamakon wasa me zai yi da dubu biyunsa? Dabararsu tsohuwa ce. A ba wasu nasara, wasu canjaras, wasu rashin nasara, sannan a ɗauki hoton tikitin waɗanda suka dace a yi talla da shi. Hukuncin caca a addini kowa ya sani, wannan fagen malamai ne. Nawa shi ne ka karɓi tikitinsa na jiya, ku zauna tare, ku raba 100 da jimillar ods ɗin da ke ƙasan takardar, ya karanta amsar da bakinsa.