Ginshiƙi ko layi?

Tambaya: Ina haɗa rahoton noman masara na Kaltungo da Billiri. Wane zanen alƙaluma zan sa a ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, tunda wurare biyu kake kwatantawa, sa zanen ginshiƙai. Layi na abin da ke sauyawa shekara bayan shekara ne. Amma ka kula da inda ma'aunin gefe ya fara. A ce wata gona ta ba da buhu 50, wata 45. In ka fara ƙirga daga 40, ginshiƙin farko zai ninka na biyu tsawo, alhali buhu 5 kacal ne tsakaninsu. Mai karatu tsawo yake kallo, ba lamba ba, shi ya sa dole ginshiƙi ya tashi daga sifili. Excel kan sauya wannan da kansa, sai ka mayar da Minimum na ma'aunin gefe zuwa 0.