Yadda ake mayar da bayanan ƙasan shafin PowerPoint rubutun darasin bidiyo

Tambaya: Malam, shekara uku ina koyar da ƙananan 'yan kasuwa lissafin riba a aji, da shafukan PowerPoint guda 32. A ƙasan kowane shafi, wurin da aka rubuta Notes, ina da 'yan bayanan da nake dubawa. Yanzu an ce in naɗi darasin a bidiyo don masu koyo ta intanet. Na gwada karanta bayanan kamar yadda suke, da na saurara sai na ji kamar mai karanta jerin kayan cefane. Yaya zan gyara su su zama magana mai tafiya?

Amsa: Malama, laifin ba na muryarki ba ne, kuma ba na bayanan ba ne. Su bayanan nan kin rubuta wa mutum ɗaya ne, wanda ya riga ya san darasin, wato ke. Aikinsu tunatarwa. Abin da yake riƙe darasin a aji, irin su "to, tunda mun ga haka, sai mu tambayi kanmu", da fuskar ɗalibin da ta nuna miki bai gane ba har kika sake misali, duk ba ki taɓa rubuta su ba, don suna zuwa da kansu idan kina tsaye gaban mutane. Kyamara kuwa ba ta ɗaga hannu, ba ta yamutsa fuska.

Saboda haka ba na ba da shawarar a zauna gaban kwamfuta a riƙa faɗaɗa bayanan layi bayan layi. Wanda ya yi haka yakan fito da Hausar takarda, mai jimloli dogaye da "bugu da ƙari" a kowace kwana, wadda ba a yin ta da baki. Ki fara da bakin. Ki samu mutum ɗaya da bai san darasin ba, ƙanwarki ko maƙwabciya, ki buɗe shafukan, ki kunna naɗar murya a waya, ki koya mata kamar yadda kika saba. Ki bar ta ta katse ki duk inda ta ruɗe. Bayan nan ki zauna ki rubuta abin da kika faɗa, har da tambayoyinta. Aiki ne mai cin rai, magana ta minti goma tana iya cinye miki kusan awa guda wajen rubutawa, amma abin da zai fito shi ne ainihin darasinki. Daga nan aikin ya koma sassaƙa, ba gini ba. Su kuma tsofaffin bayanan, ki fitar da su wuri guda don ki riƙa duba ko kin tsallake wani abu: a PowerPoint na Windows, File, sai Export, sai Create Handouts zai zuba miki shafukan da bayanansu cikin Word.

Bari mu ɗauki shafi ɗaya irin na darasinki mu bi shi. A ce a ƙasansa an rubuta:

"Kuɗin da ba ya canzawa: haya, albashi, wuta. Misalin mai zoɓo. Tambaye su. Nuna tebur. 36,000 ÷ 120 = 300."

A aji wannan ya ishe ki minti biyar. Ga yadda zai koma a bidiyo:

"Ɗazu mun ga mai zoɓon nan tana sayar da gora ɗaya naira ɗari uku, kuma kayan haɗi da gorar kanta suna cin naira ɗari da tamanin. Ke nan duk gorar da ta fita, naira ɗari da ashirin ce ta rage a hannunta. To, wannan ɗari da ashirin riba ce? Tukuna. Akwai kuɗin da take biya ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba: hayar shago, albashin yarinyar da ke taya ta, da kuɗin wutar firji. Duba layin ƙarshe na teburin, wanda aka yi wa jan launi. Idan ka haɗa ukun, naira dubu talatin da shida ne a wata. Gora nawa za ta sayar kafin ta fitar da wannan kuɗin? Dakatar da bidiyon ka gwada. [shiru, daƙiƙa 3] Raba dubu talatin da shida gida ɗari da ashirin, za ka samu ɗari uku. Gora ɗari uku a wata, wato goma kullum. Sai daga ta ɗari uku da ɗaya riba take farawa."

Ki lura da jimlolin farko guda biyu. Ba su cikin bayanan ko kaɗan, kuma su ne gadar da ta haɗa wannan shafi da na baya. Lambar 120 ta faɗo ne daga sama a bayanan, don ke kin san inda ta fito, mai kallo bai sani ba. A nan yawancin masu wannan aiki suke faɗuwa: kowane shafi yana farawa kamar sabon darasi, "yanzu za mu duba kaza", "a wannan shafi muna da kaza". Hanyar gane wannan cuta mai sauƙi ce. Ki rufe shafukan gaba ɗaya, ki karanta wa wani rubutun kawai. Idan yana iya gaya miki "nan aka juya shafi" duk lokacin da aka juya, gadojin ba su ginu ba. Ni nakan rubuta jimlar ƙarshe ta shafi da ta farkon mai bi masa a tare, a zama ɗaya, kuma sau da yawa nakan rufe shafi da tambayar da na gaba zai amsa.

"Tambaye su" ya koma tambaya da ɗan shiru da amsa. Shirun ki rubuta shi a cikin baka biyu, kamar yadda na yi a misalin, in ba haka ba za ki manta, tsoron shiru gaban makirfo ya sa ki amsa wa kanki kafin mai kallo ya kai hannu ya dakatar.

"Nuna tebur" shi ma ya canza. A aji za ki ce "ku duba nan" ki ɗora yatsa. A bidiyo babu yatsa, kuma da yawa daga cikin masu koyon a ƙaramar waya za su kalla, wasu ma suna wani aikin suna saurare. Don haka duk inda kika ga "nan", "wannan", "wancan" a rubutun, ki tsaya ki tambaya: wane? Ki ambaci abin da sunansa da wurinsa, "layin ƙarshe, mai jan launi". Haka nan ki tsince duk maganar da ke ɗaure da ranar aji, irin su "kamar yadda muka yi makon jiya" ko "bayan mun dawo daga sallar azahar". Mai kallo zai iya buɗe bidiyon bayan shekara, da tsakar dare, bai ma kalli na baya ba. Ki ce "a darasi na biyu". Na kuma mayar da "ku" zuwa "ka" a misalin, don mai kallo shi kaɗai yake zaune da wayarsa. A Hausa wannan yana da ɗan ƙaiƙayi, tunda dole a zaɓi ka ko ki. Idan masu koyon maza da mata ne, "ku" da "mu" ba su da aibi, abin gudu shi ne tsalle tsakaninsu cikin darasi ɗaya.

Lambobi kuwa ki rubuta su da kalmomi yadda za ki furta. Ido yana ganin 36,000 nan take, amma harshe yakan yi tuntuɓe, ko ya zame zuwa Turanci a tsakiyar jimla. Akwai kuma wani tarko da rubutun Hausa yake ɗanawa mai karatu a bayyane: ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali. "Ya biya" na iya zama labarin an biya, yana iya zama umarnin a biya, sai kin kai ƙarshen jimla ki gane wanne kike nufi, a lokacin kin riga kin furta ba daidai ba. A darasin kasuwanci za ki yi ta haɗuwa da "ba shi" da "bashi", da kuma "da" na haɗi da "da" na zamanin baya. Ki sa wa irin waɗannan alama a kwafin da za ki karanta, ko ki sake gina jimlar yadda ba za ta ruɗa ki ba.

Wani abu da za ki ji sha'awar yi, ki danne: karanta abin da ke rubuce a kan shafin kalma da kalma. Richard Mayer, masanin ilimin koyo a Jami'ar California da ke Santa Barbara, ya daɗe yana nuna cewa idan aka haɗa wa mai koyo hoto da murya da kuma rubutun abin da muryar take faɗa, fahimta takan ragu, don ido yana rabuwa tsakanin karatu da duba hoton. Da zarar rubutun da za ki karanta ya kammalu, ki koma kan shafukan ki rage musu kaya. A shafin mai zoɓo, teburin da lissafin ƙarshe sun isa, bayanin yana bakinki.

Sai tsawo. Shafuka 32 ba bidiyo ɗaya ba ne. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun nazarci kallon bidiyo kusan miliyan 6.9 a dandalin karatu ta intanet na edX, suka ga cewa yawanci mai kallo ba ya wuce kimanin minti shida yana biye, komai tsawon bidiyon. Ba doka ba ce, darasi mai daɗi yana iya riƙe mutum fiye da haka, amma ma'auni ne mai amfani, ga kuma sauƙin saukewa ga mai lallaɓa data. Don sanin kalmomi nawa ke cika minti shida, kada ki ɗauki adadin da ake faɗa na Turanci, ki auna kanki. Ki sa agogo, ki karanta rubutunki na minti ɗaya da saurin da kike koyarwa, ki ƙirga. A ce kin samu 120. Minti shida ya zama 720, ki cire na shiru da lokacin duba tebur, ki tsaya wajen 650. Sakin layin mai zoɓo na sama bai kai 150 ba, kin ga bidiyo ɗaya zai ɗauki shafi huɗu ko biyar ke nan. Ki yanka inda tambaya ɗaya ta samu amsarta, ba inda ƙirgen shafi ya cika ba.

Kafin naɗa ki karanta duka da ƙarfi, a tsaye, da biro a hannu. Duk jimlar da numfashi ya ƙare miki kafin ta ƙare, ki raba ta biyu. Duk kalmar da kika ji bakinki ya musanya da wata har sau biyu, bakin ne ke da gaskiya, ki gyara takardar.

Idan a cikin PowerPoint ɗin za ki naɗa, ta maɓallin Record, ki sani yana ajiye muryar kowane shafi daban, kuma ba ya ɗaukar sauti a daidai lokacin da shafi yake juyawa. Gadojin nan da kika sha wahalar ginawa su ne za su fara guntulewa idan kika danna kina tsakiyar magana. Ki sa alamar [juya] a rubutun, koyaushe bayan aya, ki ƙarasa jimlar, ki danna, ki ja numfashi ɗaya, sannan ki ci gaba. Amfanin wannan tsari nasa shi ne idan kika yi tuntuɓe a shafi na 14, shi kaɗai za ki sake naɗa.