Rasit ɗin kuɗin haya: amsa ga ɗan ƙanwata

"Kawu, barka da war haka. Mai gidan da nake haya dattijo ne, hannu da hannu nake ba shi kuɗi, bai taɓa ba ni takarda ba. Ina jin nauyin in ce ya rubuta mini, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Neman rasit a wurin babba rashin kunya ne?"

Ɗana, ka nema, kuma da ladabi ake nema. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma mutanen da aka fara faɗa wa haka sun fi mu riƙon amana. Dattijon da ya san duniya ba zai ji haushi ba, domin takardar tana kare shi kamar yadda take kare ka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne yadda ake raba nauyin hujja idan magana ta kai gaban alƙali. Mai gida zai nuna cewa gidansa ne, kana zaune a ciki, kuma kun yi da shi za ka riƙa biyan kaza. Da ya tabbatar da wannan ya sauke nasa. Kai da ka ce "ai na biya", kai ne ka zo da da'awa, kai za a ce wa kawo shaida. Ba a tambayar mutum ya tabbatar da cewa bai karɓi kuɗi ba, don babu yadda za a yi ya nuna abin da bai faru ba. Kuɗin hannu kuwa ba ya barin sawu. Kuma sau da yawa wanda za ka tsaya da shi a shari'ar wani ne daban: magada bayan rasuwa, ko wanda ya sayi gidan, ko sabon wakili da aka danƙa wa littafi. Waɗannan ba su san abin da ke tsakaninka da dattijon ba, abin da suka gani a rubuce kawai za su bi.

Rasit ba sai an buga shi a inji ba. Ko fallen takarda ne ya isa, in dai da biro aka rubuta kuma ya ƙunshi ranar biya, sunanka, sunan wanda ya karɓa, gidan da ɗakin da ake magana a kai, da sa hannun mai karɓa ko dangwalen yatsansa. A rubuta adadin da lamba sannan a maimaita da kalmomi, saboda ƙara sifili ɗaya a bayan lamba ba wuya, canza kalma kuwa sai an kankare, kuma kankara tana nunawa. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai, ku biyu ku sa hannu a gefe.

Amma layin da ya fi duka nauyi, wanda kuma aka fi mantawa, shi ne na lokacin da kuɗin ya biya: daga wace rana zuwa wace rana, da abin da ya rage. Bari in buga maka misali. A ce haya 120,000 ce a shekara. Da shigar mutum a Janairun 2023 ya ba da 50,000, aka ba shi rasit. A tsakiyar shekara ya kawo cikon 70,000, amma sai ya tarar da ɗan mai gidan, ya miƙa masa ba takarda. A Janairun 2024 ya sake ba da 70,000, aka rubuta masa "an karɓi kuɗin haya 70,000", aka sa hannu. Sai mai gidan ya rasu. Magada suka tara takardu suka ga 50,000 da 70,000, jimilla 120,000, wato daidai kuɗin shekara ɗaya. A lissafinsu 2023 ce kawai aka biya, suna bin sa 120,000 na 2024 cif, alhali 50,000 ne gaskiyar abin da ya rage. Su ma ba zalunci suka nufa ba, abin da takarda ta nuna musu ke nan.

Da a ce rasit na ƙarshe ya ce "kashin farko na hayar 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba 2024, saura 50,000, babu bashin baya", da ya toshe ramin da biyan tsakiyar shekara ya bari. Mai gida da ya sa hannu cewa babu bashin baya ya shaida da kansa cewa ya karɓi na bara. Ka ga amfanin wannan gare ka, kai da ka daɗe kana biya ba takarda. Ba sai ka tayar da tsohon lissafi wata-wata ba. A biya na gaba a rubuta cewa an biya duk haya har zuwa rana kaza, shi ke nan baya ta rufu.

Ga yadda za ka ɓullo wa dattijon ba tare da ka sosa masa rai ba. Sayi littafin rasit mai kabon, wanda kowane shafi ke da kwafi a ƙarƙashi. Ka cike komai da kanka tun a gida, ka je da kuɗin, a ƙirga a gabanku, ka ce, "Baba, don kada lissafi ya rikice mini, a taimaka a sa mini hannu." Kai ka riƙe na saman mai sa hannun asali, shi ya riƙe kwafin. A sa hannu a zaman da aka ƙirga kuɗin. "Ka dawo gobe in rubuta maka" ita ce hanyar da yawancin rasit ke bi su ɓace tun ba a rubuta su ba.

Kada ka ba ɗa ko mata ko mai gadi kuɗin sai mai gidan ya rubuta cewa ya wakilta shi karɓa, ka ajiye wannan takardar. Wakilin kuma ya rubuta a rasit cewa a madadin wane ya karɓa. In babu haka, mai gida na iya cewa kuɗin bai iso shi ba, ka koma bin wanda ka ba. Kuɗin ajiya na ɓarna, la'adar dillali, kuɗin wuta da na ruwa, kowanne da takardarsa daban, don kada a haɗiye su cikin haya. Haka in za ka gyara rufi ko famfo a cire daga haya, a rubuta yardar da adadin kafin ka kira mai gyara, sannan ka ajiye takardar sayen kayan.

Idan ya ƙi sa hannu sam, ka biya a gaban shaidu biyu baligai waɗanda ba su da wata riba a zamanka a gidan, su ga ƙirgar da idonsu su sa hannu a littafinka. A ranar ka tura masa saƙon waya mai ɗauke da adadin da watannin da ka biya. In ya amsa ko da "to, na gani" ne, kada ka goge. Ko kuma ka koma biya ta banki zuwa asusun da ke da sunansa, ka rubuta watannin a gurbin bayani, domin alat shi kaɗai yana nuna kuɗi ya tafi ne, ba ya faɗin na mene ne.

Wajen ajiya, ka ɗauki hoton kowane rasit a ranar da aka ba ka, ka tura wani wuri da ba wayarka kaɗai ba. Siririyar takardar da injin POS ke fitarwa zafi ne ke rubuta ta, shi ya sa rana da ɗumin aljihu ke goge ta har ta koma fara, don haka a yi mata hoto ko fotokwafi tun tana sabuwa. Na asali ka jera su bisa kwanan wata a cikin leda tare da takardar yarjejeniya, nesa da laima da gara. Ranar da za ka tashi ka karɓi takardar cewa ka miƙa makulli kuma ba a bin ka komai, ka haɗa da sauran, ka riƙe su aƙalla shekara 6, domin a dokokin ƙasashe da dama har tsawon wannan lokaci ana iya shigar da ƙarar bashin haya.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.