Intigiral mai x² a iyakar sama

"Don Allah, yaya zan fitar da diribatif na F(x) = ∫₀^(x²) cos t dt? Na samu cos(x²), malami ya ce da saura."

Malaminka ya yi gaskiya, ɗan'uwa. Amsar ita ce 2x·cos(x²). Ginshiƙin ƙa'idar kalkulas ya ba ka damar cire t ka sa iyakar sama a gurbinsa, wannan kam ka yi daidai. Amma x² tana canzawa da nata saurin, don haka dole ka ninka da diribatif ɗinta, wato 2x:

```
d/dx ∫ₐ^(g(x)) f(t) dt = f(g(x))·g′(x)
```

Gwada da kanka: in ka warware intigiral ɗin za ka samu sin(x²), diribatif ɗinsa kuwa 2x·cos(x²).

Sai dai ka kula da sharaɗi. Dole f ta kasance ba ta tsinke ba a tsakanin iyakokin biyu, kuma kada x ta shiga cikin abin da ake haɗawa. In ka ga x·cos t a ciki, fara fitar da x waje tukuna, tunda t ake bi, sannan ka yi amfani da dokar diribatif ta abubuwa biyu da aka ninka. Nan ne ɗalibai da yawa ke zubar da maki, don suna sa x² a gurbin t kai tsaye.